Wasiƙa daga Jidda: a kai Inna banki a gyara adireshi

Assalamu alaikum, Auta.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya kamar yadda nake a nan. Yaya jikin Inna, ƙafar ta yi sauƙi? Ka gaishe min da ita sosai, ka ce mata ɗanta na nan ƙalau, aiki na tafiya. Zafi ne dai, shi kuma an saba.

Abin da ya sa na zauna na rubuta maka dogon bayani shi ne maganar da Yaya ta faɗa min ranar Juma'a. Ta ce wani mutum daga bankin Inna ya je tsohon gidanmu na Fagge yana cigiyarta, sababbin 'yan hayan suka ce ba su san mai wannan suna ba. Wata biyar ke nan da komawarku Rijiyar Zaki, ashe har yanzu banki na can yana ganin Inna a Fagge take. Na faɗa maka tun lokacin tashin, ka ce min an gama. Ban ji daɗi ba, Auta. A asusun nan nake zuba duk abin da na samu. Idan wanda suka aiko ya koma ya rubuta cewa ba a same ta a adireshin ba, suna iya sa wa asusun takunkumi, kuɗi ya shiga amma ya ƙi fita. Ka tuna farkon 2024, bayan Babban Banki ya ce sai an haɗa asusu da BVN da NIN, yadda mutane suka yi ta cika a bakin bankuna. Ba na son Inna ta tsaya a irin wannan layi da wannan ƙafar.

Saboda haka naira dubu 450 ɗin da na tara na kuɗin haya da magani suna hannuna. Ba zan turo ba sai ka aiko min da hoton takarda mai hatimin banki.

Takardar da za ka rubuta gajeriya ce, shafi ɗaya ma ba za ta cika ba. Da Turanci za ka yi ta, amma da sunan Inna, domin asusun nata ne, ba naka ba, ba nawa ba. A sama ka sa sabon adireshi da kwanan wata, sai manajan reshen da aka buɗe asusun. A ciki ka ce ita wance, mai asusu lamba kaza, ta tashi daga gida kaza a Fagge ta koma gida kaza a Rijiyar Zaki, ƙaramar hukumar Ungogo, tun wata kaza, tana roƙon a sauya adireshin da ke rubuce a asusunta. Lambar asusu goma ce, BVN kuwa goma sha ɗaya, ka ƙirga su da yatsa bayan ka rubuta. Sunanta ka kwafo shi harafi da harafi yadda yake a takardar NIN. Idan can an rubuta sunan mahaifinta da wani salo, kai ma haka za ka rubuta, kada ka ce za ka gyara musu.

Sabon adireshin shi ne wurin da za ka natsu. Na san lungun da kuke ba lamba a jikin gidaje, kuma "bayan masallaci" ba adireshi ba ne, masallaci nawa ne a Rijiyar Zaki? Ka ɗauko rasidin kuɗin wuta na KEDCO, ka rubuta adireshin daidai yadda yake a jiki, sannan a ƙarƙashi ka ƙara kwatance: tashar da ake sauka daga adaidaita, layi na nawa, hannun dama ko hagu, launin ƙofa. Wanda za su turo ya duba gidan bai san unguwar ba, da abin da ka rubuta zai yi aiki. Ka kuma sanar da maƙwabta da mai shagon bakin layi sunan Inna na takarda. Kowa "Inna" yake ce mata, in baƙo ya zo da sunan yanka sai a ce ba a santa ba, mu koma gidan jiya.

Rasidin wutar kada ya wuce wata uku, tsohon ba sa karɓa. Tun da mitar da sunan mai gida take, ka haɗa da rasidin kuɗin haya ko takardar yarjejeniyar da aka sa wa hannu, a ga sunan Inna da adireshin a wuri ɗaya. Ka tafi da ainihin takardun da kuma kwafinsu, da katin shaidarta, da hoton fasfo guda biyu ko da za su nema.

Kuma Inna da kanta za ta je. Kada ka ɗauki takarda ka tafi kai kaɗai don kana jin ƙyashin kuɗin mota. Dangwale ta yi ranar da aka buɗe asusun, ni na kai ta, kuma shi za su sa ta yi a gabansu. Kada ka sa mata hannu a gida, za su kwatanta da abin da ke wurinsu su dawo maka da ita. Ku fita da sassafe, Talata ko Laraba, ban da Litinin. A teburin kula da abokan hulɗa za su ba ku fom na sabunta bayanai, ka cika shi da adireshi iri ɗaya da na wasiƙar, ko waƙafi kada ya bambanta. Ka tambaye su a gyara na BVN ma a zama ɗaya, ka kuma duba lambar wayar da alat ke shiga, ta Inna ce ko har yanzu tsohon layina ne.

Wasiƙar ka yi ta biyu. Ɗaya su riƙe, ɗaya su buga mata hatimi da kwanan wata su ba ka. Ita ce shaidarmu idan gobe aka ce ba a kawo ba. Kuma duk wanda ya kira a waya ya ce daga banki yake, zai gyara adireshi in an karanta masa lambar sirri ko lambar da ta shigo ta saƙo, ɓarawo ne. Ka faɗa wa Inna haka da babbar murya, ka san ta da yarda da mutane.

Ni ma nan na sha irin wannan. Da na sauya ɗaki, sai da na sabunta adireshin ƙasa da hukumar gidan waya ke rajista, haruffa huɗu da lambobi huɗu, kafin hankalina ya kwanta da asusuna. A waya aka gama, ko fita ban yi ba. Mu shida ne a ɗakin yanzu, amma akwai na'urar sanyaya ɗaki, kada Inna ta damu.

Na san na yi maka faɗa da yawa. Kai ne a gida, kai ke kai ta asibiti, ni ina nan sai dai aike, shekara uku ban ga fuskarta ba. Gidan da kuka koma ma a hoto kawai na san shi. Wani lokaci da dare in na kwanta, ƙofar Fagge nake gani. To, Allah Ya sa a gama lafiya.

Cikin kuɗin akwai dubu 20 naka, ka sayi takalmi. Amma sai na ga hatimi. Kada ka bari makon nan ya wuce, mai gida ba zai jira mu ba. Ka gaishe da Kawu, ka ce masa saƙonsa ya iso, zan kira shi bayan sallar Juma'a.

Yayanka,
daga Jidda