Zuwa ga ɗana, kan maganar da ka kawo min

Assalamu alaikum Abba, ya aiki ya garin? Na kwana ina juya maganarka, ko ka zauna a sashen kariya na rile, na'urar nan da ke sa a yanke wuta in an samu matsala, ko ka bi masu cewa injiniya ya ɗan taɓa komai, sola, wayarin, janareto, harda kwangila. To ni dai ra'ayina ka fara nutsewa a abu ɗaya tukunna, bari in gaya maka dalili.

Lokacin ina aiki akwai wata taransifoma da ta hana mu barci, 15MVA ce mai sauke 33kV zuwa 11kV, bayan an gama mata sabis. Da asuba lafiya lau, amma da zarar lodi ya fara hawa sai rilen difaransha ya yanke ta. Muka gwada mai babu komai, rilen Buchholz mai gane lalacewar ciki bai tara iska ba, har wasu suka ce a canja rilen kawai tunda ya tsufa. Kwana uku muna kai da kawowa unguwanni na duhu. Sai wani dattijo da ya ƙare rayuwarsa a kan kariya ya zo, tambaya ɗaya ya yi, wa ya taɓa wayoyin si-ti? Ashe wajen mayarwa an juya S1 da S2, wato bakin wayoyi biyu na si-tin da ke auna wa rile wuta, a ɓangare ɗaya. Ka san shi rilen difaransha kwatanta wutar da ta shiga yake da wadda ta fita, in sun daidaita ya yi shiru, to da aka juya wayar maimakon su kashe juna sai suke haɗuwa, shi ko rile yana ganin kamar ciki ya lalace. Shi yasa sai da lodi take faɗuwa. Ko awa ɗaya dattijon bai yi ba wallahi. Mu da muka san komai sama-sama ba wanda tunaninsa ya je wajen.

Amma ka kula da abin da zaka ƙware a kai. Na ga abokin aikina da ya haddace rile irin na da mai faifai yana juyawa, da aka kawo na dijital masu saiti da laftof sai ya koma ɗan kallo, don na'urar ya sani ba lissafin ba. Kai ka riƙe lissafin wutar fol, wato wutar da ke gudu in layi ya samu matsala, da yadda ake jera rile na kusa ya riga na nesa yankewa, wannan baya tsufa. Kuma gaskiya masu ɗaukar irin wannan ƙwararre ba su da yawa, TCN ne mai dakon wutar ƙasa da kamfanonin rarraba wuta da manyan masana'antu, in ka zaɓa ka shirya zama inda aikin yake ko da nesa da gida ne.

Ka ba sashen kariyar kamar shekara biyar, kana yi kana leƙa aikin masu kebul da masu taransifoma duk ranar da aka fita gyara, kuma ka dinga rubuta duk aikin da ka yi da hannunka don zaka buƙace shi wajen rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista. Mamanka na gaishe ka, ta ce ka kira ta ranar Juma'a. Allah ya yi maka albarka.

Babanka