Takardar ma'ajin makaranta ta iso

Garwa, 24 ga Agusta

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya iyali, ya ruwan Duwala? Mu nan alhamdu lillahi, gero ya fara fitar da kai.

Abin da ya sa na rubuto maka shi ne takardar da ma'ajin makarantar su yaronka ya raba wa iyaye. Da Faransanci take, kuma na karanta ta har sau biyu kafin na gane inda gizo ke saƙar. Bara sefa dubu 75 muka biya wa kowane yaro, kashi uku, na ƙarshe a ƙarshen Janairu. Bana dubu 90 ne. Ƙarin dubu 15 ɗin bai tayar min da hankali ba, don ka san makarantar kuɗi ce, ba kamar ta gwamnati ba inda kuɗin ƙananan ajujuwan sakandare 7,500 ne, ban da na ƙungiyar iyaye. Abin da ya dame ni ranakun biya ne.

Yanzu sun cire kuɗin rajista daban, dubu 15, kuma sai an biya shi yaro zai shiga aji ranar komawa a Satumba. Sauran dubu 75 ɗin sun raba shi biyu kawai: dubu 45 kafin 15 ga Oktoba, dubu 30 kafin 15 ga Disamba. Ka lissafa da kyau. Bara a tsakiyar Oktoba dubu 35 kaɗai muka zuba, bana dubu 60 ake nema, ga yunifom da littattafai na jira. Ni da nake da biyu a can, dubu 120 ke nan, alhali masu saye a shagona manoma ne, kuɗin audugarsu ba ya shiga hannu sai kaka ta yi nisa. Kashin Janairun nan da suka soke, shi ne yake rufa mana asiri.

Na je ofishin ma'ajin da kaina. Bawan Allah ya yi min bayani a natse, ya ce wanda ba zai iya ba ya rubuto takardar neman uzuri kafin ranar ta cika, don in ta wuce, mai gadi ke tsayawa a ƙofa da jerin sunaye yana mayar da yara gida.

Idan za ka turo, turo min ta Orange Money ka haɗa da kuɗin cirewa, ni zan kai banki. Saƙon waya ba ya zama shaida a wurinsu, sai an kai takardar banki ofis sun buga hatimi sun ba da rasit mai sunan yaro da ajinsa. Bara wani maƙwabcina ya sa sunansa a madadin na 'yarsa, sati guda yarinyar na zaune a gida ana neman kuɗin.

Kuma kar ka manta yaron namu bana zai rubuta BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, kuɗin jarrabawa ba ya cikin wannan lissafi. Ka turo dubu 15 na rajista cikin makon nan in Allah ya hore.

Ka gaida maiɗakinka da yara.

Naka,
amininka na Garwa