Wasiƙa zuwa Tahoua a kan maganar mota

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya tare da iyali, ya zafin Adar? Mu nan Yamai sai godiya. A gaida Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya.

Saƙonka ya iso ni a kan Corolla biyun da dillali ya nuna maka, ɗaya mai giyar hannu, ɗaya otomatik. Ba zan yi maka kwana-kwana ba: ɗauki ta hannu. Da a Yamai kake zaune da na sassauta, domin mai bin cunkoson gadar Kennedy safe da yamma ƙafarsa ta hagu ta san dalilin otomatik. Amma kai a Tahoua kake, kuma kowane mako kana hanyar ƙauye.

Maganar mai da ta dame ka ita ce ƙarama. Tsohuwar otomatik mai giya huɗu, irin ta Corolla 2003 zuwa 2007, ta fi ta hannu shan mai, amma ba sosai ba. Tahoua zuwa Yamai ta Konni da Dogondutsi kusan kilomita 550 ne, zuwa da dawowa 1,100. Mu ƙaddara ta hannu tana shan lita 8 a kilomita ɗari, ka ga lita 88 ke nan. In otomatik ta ɗara ta da kashi goma cikin ɗari, ƙarin bai kai lita 9 ba, wato jaka huɗu da ƴan kai idan lita tana wajen sefa 500.

Abin da nake ji maka shi ne ranar lalacewa. A ta hannu, abin da ke cinyewa ambiriyaji ne, kuma kusan duk garejin da ka shiga akwai wanda zai sauke bwat ya sa sabo cikin yini guda. Kafin ya mutu ma yana ba da alama: ka taka mai a hawa, inji ya yi ƙara, mota ba ta ƙara gudu ba. Otomatik kuwa masu buɗe cikinta su gyara ƙalilan ne ko a nan. Yawanci sai a ce ka sayi wata bwat tsohuwa, wadda ba ka san tarihinta ba sai an ɗaura.

Ka tuna motata ta farko, otomatik ɗin nan? Na kai ta wani gareji a canza man bwat, yaron shago ya zuba wanda ya samu a kusa, alhali an rubuta irin man da take buƙata, wato T-IV, a jikin sandar awon man. Bayan ƴan watanni, cikin zafin Afrilu, na sa D sai ta yi jim kafin ta kama, sannan ta fizga. Da na zaro sandar na goga a farin ƙyalle, man da ya kamata ya zama ja ya koma baƙi-baƙi, yana warin ƙuna. Mako uku motar na ajiye, kuɗin da na kashe kuwa ya isa canjin ambiriyaji sau da dama. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin da na yi tambaya guda, da hakan bai faru ba. Zafi shi ne babban abokin gabar otomatik, tunda radiyata ce ke sanyaya manta. In ka kafe cikin rairayi kana D kana R, man nan tafasa yake. Kuma in batir ya mutu a daji, ta hannu yara huɗu su tura ta tashi, otomatik ba ta tashi da turi.

In uwargida ta nace a kan otomatik don ita ma za ta tuƙa, to a tsaya a kan tsohuwar mai giya huɗun nan, tana da juriya in an ba ta manta. Ka guji CVT, wato otomatik marar matakan giya, da ke cikin yawancin Corolla ƴan Amurka daga 2014, da MMT ta wasu ƴan Turai, wadda ambiriyaji ce da lantarki ke sarrafawa. Kada ka biya sai ka tuƙa ta rabin awa ta yi zafi sosai, domin da sanyi kowace lafiya take.

Ita ma ta hannun ka gwada ta. Ja birkin hannu, sa giya ta uku, ka saki ambiriyaji a hankali. In inji ya mutu nan take, lafiya lau. In ya ci gaba da juyawa, ambiriyajin ya ƙare, sai ka cire kuɗinsa daga farashi kafin ku yi sallama. Ka tafi da makanikenka, kada ka dogara da na dillali.

Ka aiko mini da hoton takardun kwastan kafin ka ba da ko dala.

Naka amini,
daga Yamai