Wasiƙa: Saƙon layi ɗaya da ya fitar da buhu 20 daga shagona

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina sayar da hatsi a Kano, kuma kusan rabin cinikina ta waya nake yin sa. Ran Talatar da ta wuce yaron maigidana ya turo mini wannan saƙo ta WhatsApp, dillali kuwa yana tsaye a bakin shago da mota:

"slm Alh yace bashi 20 bags to Friday"

Abin da na fahimta shi ne Alhaji ya yarda a ba dillalin bashin buhu 20 zuwa Juma'a. Na sa aka yi lodi, mota ta tashi. Da yamma Alhaji ya kira ni ransa a ɓace. Ashe cewa ya yi a ba shi buhu 20, amma sai ran Juma'a, in ya kawo kuɗi.

Na sake duba saƙon na ga inda gizo ke saƙar. Ƙa'idar rubutun Hausa ta raba aikatau da wakilin suna, wato "ba shi" kalma biyu ce, "bashi" kuwa shi ne wanda ake ci a biya. Yaron ya haɗe su. Sai kuma "to". Da ya jera ta da sunan rana na Turanci, na ɗauke ta a ma'anarta ta Turanci, wato "zuwa". Shi kuwa "to" ɗinmu ta Hausa yake nufi: to, ran Juma'a. A baki ba za a taɓa yin wannan kuskure ba, domin karin murya da ɗan tsayawar da mai magana ke yi suna raba su. Rubutun boko bai nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka tazara da waƙafi su ne madogararmu, su ne kuma ake zubarwa.

Ni ban ƙi Ingausa ba, ina yin ta kullum. "Slm" da "ngd" ba su taɓa ɓatar da ni ba. Haɗarin yana ga kalmomin da harsunan biyu ke rubutawa iri ɗaya, kamar "to", "in", "so" da "me". Idan Turanci ya zauna kusa da su, mai karatu ba ya sanin da wane harshe zai karanta.

Yanzu duk saƙon da ya shafi kuɗi ko kaya, sai na mayar wa mai shi da abin da na gane cikin cikakkiyar jimla, ko in nemi saƙon murya, kafin a ɗaga buhu ɗaya.

Roƙona gare ku, Malam Edita: kuna buga saƙonnin masu karatu bayan kun gyara su. Idan saƙo ya ɗauki ma'ana biyu, don Allah kada ku zaɓar wa mai shi ɗaya. Ku tambaye shi, ko ku ajiye saƙon. A ware mana kuma ɗan fili kan inda ake raba kalma da inda ake haɗe ta, a fara da "ba shi" da "bashi".

Naku,
Wani mai sayar da hatsi, Kano