Bayanin kwamiti kan aikin sanyaya ɗakin ɗinki

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Tunda ana ta tambayar inda kuɗin gudummawa ya shiga, ga bayani.

Rufi da fenti sun tafi yadda aka tsara. Maganar da ta yi yawa a kan injin sanyi mai ruwa ce, imidifikater, wanda ya ci jikka 900, wasu na cewa me ya hana a sayi kilima, ko ƙarami irin na ɗaki.

Kafin mu fitar da ko dala sai da muka auna. A watan Afrilu nan Tawa, da azahar, ma'aunin zafi ya nuna 42. Muka naɗe kansa da jiƙaƙƙen ƙyalle, muka sa shi gaban fanka, ya sauko 22. Wannan tazara ta 20 ita ce iyakar abin da ruwa zai iya ragewa, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwanta. Inji mai kyau yana cin kusan kashi 80 cikin 100 na tazarar, wato 16, iska ta shigo da 26.

Sai girman ɗakin. Tsawonsa mita 12, faɗi 8, tsayi 4, ya ba da mita kub 384. Wuri mai rufin kwano, ga mutane ga dutsen guga, yana son iskarsa ta sauya sau 30 a awa, wato 11,520. Shi ya sa muka ɗauki mai tura iska mita kub 12,000 a awa. Ƙarami zai jiƙa ɗakin ne kawai. Kilimar da za ta riƙe wannan fili kuwa, kuɗin wutarta ya fi ƙarfin asusunmu.

Tagogi biyu da aka fasa a bangon baya ma ba ɓarna ba ce. In iskar ba ta samu mafita ba, laima ta taru, sanyin ya mutu. Alamarsa, yadi ya yi danshi, jiki ya riƙa danƙo.

Masu cewa injin ya lalace da damina, lafiyarsa ƙalau. A Agusta zafi 32, ma'auni mai jiƙaƙƙen ƙyalle 27, ragin bai wuce 4 ba, ga tsatsa na kama allura. Lokacin ana kashe famfon ruwan ne, a bar fankar kaɗai.

Godiya ta musamman ga Alhajinmu da ya hana a faɗi sunansa, shi ya biya rabin kuɗin injin, da ƴan'uwanmu na Abijan da ba su taɓa gajiya da mu ba. Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi.

Saura tankin ruwa. Da bazara injin na shan kusan lita 90 a awa, lita 700 ke nan a yinin aiki, ban da wanda ake zubarwa don kada gishiri ya toshe soson da ruwa ke jiƙawa cikin injin. Yanzu da jarka yara ke ɗurawa. Muna neman tanki mai lita 2,000 da ƙarfen ɗora shi kafin Maris. Mai niyya ya ga ma'aji bayan la'asar, rasitai duka suna hannunsa.