Zuwa Ga Abokan Cinikinmu: Faifan Ajiya Mai Raguwar Gudu a Tsakiyar Kwafi

Assalamu alaikum, abokan cinikinmu masu daraja.

Kwanakin baya wani daga cikinku ya dawo mana da faifan ajiya mai terabayit 4, ya ce ya lalace. Hotuna ne na gigabayit 600 yake zubawa a ciki. Da farko yana tafiya da kusan megabayit 150 a daƙiƙa, can sai ya faɗo ƙasa da 10, wani lokacin ma ya tsaya cak. Mun auna shi, lafiyarsa ƙalau. Irin da ake kira SMR ne, kuma laifinmu ne da ba mu yi masa bayani ba tun ranar da ya saya.

A irin wannan faifai, layukan rubutu suna hawa kan juna kamar kwanon rufi, don a sami ƙarin wuri. Idan za a canza layi ɗaya, dole a taɓa na kusa da shi. Shi ya sa aka kasa faifan shiyya-shiyya, galibi megabayit 256 kowace, kuma gyara kaɗan kan iya sa ya karanta shiyyar gaba ɗaya ya sake rubuta ta. Don kada ku ji wannan jinkiri, yana da wani ɗan fili da yake fara zuba bayanai cikin sauri, ya jera su daga baya idan ya sami sarari. Dogon kwafi, musamman na ƙananan fayiloli a faifan da aka riga aka yi ta gogewa da sakewa, yana cika filin nan. Daga nan sai ya koma karɓa da jerawa a lokaci guda.

Za ku gane shi a Task Manager na Windows: Active time, wato yawan lokacin da faifan ke cikin aiki, na nuna 100%, amma abin da ake rubutawa ɗan kaɗan ne. Bayan an gama kwafi kuma za ku ji yana ta aiki shi kaɗai. Hanya mafi tabbas dai ita ce duba lambar samfurin a takardar bayanan kamfanin da ya ƙera shi. Misali, WD40EFAX na SMR ne, WD40EFRX kuwa na CMR, wanda layukansa ba sa hawa juna.

Idan gudu ya faɗi, don Allah kada ku zare waya. Ku dakatar da kwafin, ku bar faifan a kunne ba aiki na 'yan awanni, gudunsa zai dawo. Ƙananan fayiloli kuma ku dunƙule su a ZIP ɗaya a wani faifan kafin ku kwafo.

Inda ba ma ba da shawarar faifan SMR sam shi ne RAID, wato tsarin haɗa faifai da yawa su yi aiki tamkar ɗaya. Idan ɗaya ya lalace aka sauya shi, sake gina bayanansa a sabon faifai rubutu ne mara yankewa, kuma jinkirin amsa kan iya sa na'ura ta ɗauka ya mutu ta cire shi. Mai irin wannan aiki ya kawo mana lambar faifansa mu duba tare, ba za mu karɓi komai ba.

Naku,
Ma'aikatan sashen gyara