An Rubuta "An Gama", Amma Filta Na Nan Yadda Take

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in ba masu karatu labarin abin da na gani da idona, domin har yau yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ni bakanike ne, aikina kula da janareta mai amfani da dizal a wata ma'aikata. Ƙa'idarmu ita ce duk bayan awa 250 na aiki a yi wa injin juye: a zubar da tsohon baƙin mai, a sa sabuwar filta, a zuba sabon mai. Da na dawo daga hutu na duba katin aiki, na ga an sa hannu an rubuta "an gama" a awa 1,500. Hankalina ya kwanta.

Bayan mako biyu ina goge jikin injin sai idona ya kai kan filtar mai. Mun saba rubuta lambar awa a jikin kowace filta ranar da aka ɗaura ta. Abin da na gani shi ne 1,250, kuma rubutun hannuna ne. A lokacin mita tana nuna 1,610. Wato filtar ta yi awa 360 tana aiki.

Wani zai ce ai da na gane tun daga launin mai. Ba a ganewa ta nan, domin man injin dizal yakan yi baƙi cikin 'yan awoyi ko da sabo ne. Agogon matsin mai ma ba lallai ya tona asiri ba. Idan filta ta toshe, akwai bawul da ke buɗewa mai ya wuce ba tare da tacewa ba, don kada injin ya bushe. Injin zai ci gaba da ruri lafiya lau, alhali datti na cin ƙarafunan ciki a hankali.

Na je sito, littafinsu ya nuna an fitar da mai, ba a fitar da filta ba. Na sami abokin aikina da ya sa hannu a katin na ce, "Malam, yaya aka yi?" Bai ɓoye ba. Ya ce filta ta ƙare a ranar, ya juye mai da niyyar ƙarasawa idan ta iso, sai wasu ayyuka suka sha kansa.

Ban ga laifinsa shi kaɗai ba. Katinmu gida ɗaya ne da shi na ayyuka uku, babu inda mutum zai rubuta abin da ya rage. Ranar muka sa sabuwar filta da sabon mai. Na kuma nemi shugabanmu ya raba katin gida uku, a ƙara layin "saura", kuma kada a rufe aikin juye sai an kawo tsohuwar filta sito. Ya amince, yanzu haka muke yi.

Naka,
Wani bakaniken janareta